Kafin ka ce "halinsa ne": yadda za ka auna abokin aiki, direba da suruki

Ɗan Napep ya taka burki a gabanka ba sigina, wajen shataletalen Ƙofar Ƙaura, kafin ka sauke ƙafarka daga naka burkin har ka gama yanke masa hukunci: mahaukaci ne, ba shi da tarbiyya. Jiya kuma kai ne ka tsaya haka a bakin Babbar Kasuwa, amma kai ka san dalilinka, yaro ne ya gifta da tallar gyaɗa. Aiki iri ɗaya, fassara biyu. Na wani ya zama hali, naka ya zama lalura.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura da wannan. A 1977 Lee Ross na Jami'ar Stanford ya ba shi sunan da ya bi shi har yau, wanda ma'anarsa ita ce babban kuskuren jingina dalili. Abin da ake nufi shi ne, idan muka ga mutum ya yi wani abu, muna saurin jingina shi ga halinsa, muna rage nauyin yanayin da ya tura shi. Ba wai hali babu shi ba ne. Hali zanen dutse, haka ne. Matsalar ita ce muna karanta zanen tun kafin mu ga dutsen da kyau.

Inda kuskuren yake shiga

Idan ka san yadda abin yake aiki a cikin kai, gyaran zai zo da sauƙi. Daniel Gilbert da abokan aikinsa sun nuna a 1988 cewa hukuncin yana tafiya ne hawa uku. Da farko ka gane abin da aka yi: ta amsa gaisuwa a daƙile. Nan take sai ka laƙaba hali: mai girman kai ce. Hawa na uku shi ne gyara: ai ɗanta ya kwana da zazzaɓi. Hawa biyun farko suna zuwa da kansu, ba ka wahala a kansu. Na ukun ne yake buƙatar natsuwa da sarari a kai. A gwajinsu sun nuna wa mutane hoton bidiyo mara sauti na wata mata da take magana cikin rawar jiki, ana rubuta batun da take magana a kai a ƙasan hoton. Waɗanda aka bari kansu a sake sun yi mata rangwame idan batun na kunya ne. Waɗanda aka shagaltar da haddace batutuwan kuwa sun kasa yin wannan rangwamen, duk da su ne suka fi riƙe batutuwan a ka. Saboda haka sanin dalili kaɗai ba ya isa. Mutumin da yake tuƙi cikin cunkoso da rana tsaka, ko matar da take girki da goyo ga baƙi a tsakar gida, ba su da sararin hawa na uku.

Wani gwajin ya fi wannan tayar da hankali. A 1967 Edward Jones da Victor Harris sun ba ɗalibai rubutu kan Fidel Castro na Kyuba, wasu na goyon bayansa, wasu na sukarsa. An faɗa wa wasu masu karatun ƙarara cewa marubucin ba shi ya zaɓi ɓangare ba, umarni aka ba shi. Duk da haka suka ɗauka wanda ya rubuta yabo yana da ɗan ra'ayin Castro a zuciyarsa. Ka riƙe wannan, domin shi ne ainihin abin da yake faruwa da amarya a gidan miji, za mu komo kansa.

Mataki na farko: raba abin da ido ya gani da sunan da ka ba shi

Ɗauki takarda ko wayarka, ka rubuta abin da ya faru kamar mai ba da shaida gaban alƙali. Sharaɗin guda ne: kada kalmar hali ta shiga. "Malalaci ne" ba shaida ba ce. "Rahoton da ya kamata ya kawo ranar 5 ga wata ya kawo shi ranar 9" ita ce shaida. "Ta raina ni" hukunci ne. "Na shiga, tana waya, ta ɗaga min hannu ba ta tashi ba" shi ne abin da aka gani.

Za ka gane ka zame idan ka ga "kullum", "bai taɓa ba" ko "dama can" a cikin jimlarka. Duk inda "kullum" ta fito, ka tilasta wa kanka ƙidaya: sau nawa, cikin wata nawa? Sau da yawa "kullum" takan koma sau biyu, ɗaya ma ji ka yi ba gani ba.

Kada ka yi wannan aikin a lokacin da ranka yake ɓace. Bar shi ya kwana, ko aƙalla ka bari sai bayan ka yi sallah ka ci abinci. Wannan ba shawarar haƙuri ba ce kawai, hawa na ukun nan ne kake sama wa wuri.

Mataki na biyu: tambayoyi uku

Harold Kelley ya tsara su a 1967, kuma har yanzu su ne ma'auni mafi sauƙin ɗauka a aljihu. Ta farko: shin yana maimaita abin a irin wannan yanayin? Ta biyu: a nan kaɗai yake yi, ko duk inda ya je haka yake? Ta uku: sauran mutane idan suka shiga wannan yanayin, su ma haka suke yi?

Bari mu bi misali ɗaya har ƙarshe. A ce a wata ma'aikata a sakatariyar jiha akwai akawu da aka ɗora wa haɗa rahoton kuɗi na wata-wata, wanda ake so a teburin darakta ranar 5. Cikin wata shida ya makara sau biyar. Shugaban sashe ya riga ya gama magana: yaron nan ba shi da himma. Tambaya ta farko ta goyi bayansa, domin biyar cikin shida maimaici ne na gaske. A nan mafi yawan mutane suke tsayawa, kuma a nan kuskuren yake. Maimaici yana nuna cewa dalilin mai ɗorewa ne, amma bai faɗi inda dalilin yake ba. Yanayi ma yana ɗorewa. Mai bin hanya mai ramuka kullum zai makara kullum.

Sai a je ta biyu. Akawun nan yana da wasu ayyuka: shi ke shirya baucoci, shi ke rubuta bayanin taron sashe. A duba rajista. Idan baucocinsa suna fita kan lokaci, bayanin taro yana zuwa washegari, to makarar ta maƙale ne a aiki guda. Malalaci ba ya zaɓen aiki ɗaya ya yi masa lalaci ya bar saura.

Ta uku ita ce wadda ba a cika yi ba, domin sai an tashi an bincika. Wanda ya riƙe teburin kafin shi, yaushe yake kawo rahoton? A buɗe fayil ɗin bara a duba tambarin ranar karɓa. Idan shi ma ranar 8 ko 9 yake kawowa, magana ta ƙare: teburin ne yake makara, ba mutumin ba. Daga nan sai a bi hanyar takarda. Wataƙila rahoton yana jiran alƙaluma daga sassa huɗu, biyu daga ciki ba sa turowa sai ranar 4, ga shi kwamfutar ofishin ɗaya ce, tana jiran a tada janareto. Gyaran a nan shi ne a sa wa sassan ranar 1 a matsayin wa'adi, ba a ba akawu takardar tuhuma ba. Idan aka ba shi tuhumar, rahoton wata mai zuwa zai sake makara, an kuma yi asarar zuciyar ma'aikaci.

Idan kuma amsoshin suka juya, wato baucoci ma suna kwana a teburinsa, na gabansa kuma ranar 4 yake kawowa da kayan aiki iri ɗaya, to yanzu kana da hujjar cewa matsalar tana wajensa. Ko a nan ma "wajensa" ba lallai lalaci ba ne. Yana iya zama ba a taɓa koya masa aikin ba, ko yana jinyar mahaifiya a asibiti.

Akwai wani tarko na musamman a ofis da ya kamata shugabanni su sani. A 1977 Ross da Teresa Amabile da Julia Steinmetz sun yi ƙuri'a tsakanin ɗalibai, wani ya zama mai tambaya, wani mai amsa. Aka ce mai tambaya ya ƙirƙiro tambayoyi goma masu wuya daga abin da shi ya sani. Masu amsa suka ci kusan huɗu cikin goma. Da aka gama, 'yan kallo da su kansu masu amsar suka ɗauka mai tambaya ya fi ilimi, alhali kowa ya ga ƙuri'ar da idonsa. Kujera ce ta ba shi fifiko, aka rubuta wa kansa. Haka yake a taron ofis: mai tambaya kullum yana kama da masani, sabon ma'aikaci ko ɗan bautar ƙasa da ake yi wa tambaya yana kama da daƙiƙi. Kafin ka rubuta wa na ƙasa da kai rahoton shekara, ka ba shi dama sau ɗaya ya yi bayanin abin da ya fi ka sani, ka ga ko ra'ayinka zai tsaya inda yake.

A kan titi

Direba shi ne wanda aka fi zalunta, domin daƙiƙa uku ka gan shi, ba za ka sake ganinsa ba. Tambaya ta farko da ta biyu ba su da amsa ko kaɗan. Ta uku kaɗai ta rage, kuma tana da sauƙi. Wata rana ka tsaya minti goma inda ɗan Napep ya tsaya maka ba zato, ka ƙidaya. Idan bakwai cikin goma a nan suke cin burki, wurin ne: nan fasinja yake tsayawa, fasinjan ciki ba ya cewa a sauke shi sai an zo daidai, direban kuma yana da balas da zai kai wa mai Napep da yamma ko ya samu ko bai samu ba.

Amfanin wannan ba tausayi ba ne kawai. Wanda ya ce "mahaukaci ne" bai koyi komai ba, gobe zai sake manne wa bayan wani Napep. Wanda ya ce "duk Napep mai kujera a sake zai iya tsayawa ko'ina" zai bar tazara. Ka bar daƙiƙa uku tsakaninka da na gaba: idan ya wuce turken lantarki, ka ƙirga uku a natse kafin kai ka iso. A gudun kilomita 50 a awa, mota tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya, ka ga tazarar ta kai mita 40 da 'yan kai.

Gaggawa kuwa tana canza mutum fiye da yadda muke zato. A 1973 John Darley da Daniel Batson sun gwada ɗaliban makarantar horar da limaman coci a Princeton. An tura kowane zuwa wani gini ya yi jawabi, a hanya kuma an ajiye mutum a durƙushe yana tari yana nishi. Cikin waɗanda aka ce musu akwai lokaci, kashi 63 cikin ɗari suka taimaka. Cikin waɗanda aka ce musu sun makara, kashi 10 kacal. Mutane iri ɗaya, tarbiyya ɗaya.

Amma direban motar haya da ka shiga daga Katsina zuwa Daura lamarinsa daban, domin tafiyar kusan kilomita 80 ta ba ka lokacin tara shaida. Idan kafin Mashi ya sha gaban mota sau uku a kwana ba ya ganin gaba, sauran motoci kuma suna jira, tambayoyin sun amsu. Ka yi magana: "Direba, don Allah a sassauta, akwai yara a motar nan." Idan bai ji ba, ka sauka a gari na gaba. Ko da yana da dalili, dalilinsa ba zai hana taho-mu-gama ba.

Gidan surukai

A nan abin ya fi tsada, domin hukuncin da aka yanke a watan farko yakan yi shekara ashirin yana aiki. A nan ne kuma mataki mafi sauƙi a ofis, wato tambaya kai tsaye, kunya ta toshe shi.

Ka tuna marubucin da aka umarta ya yabi Castro. Amarya ma umarni aka ba ta. Tun daga gidansu gwaggonni sun ja mata kunne: ki sunkuyar da kai, kada ki cika magana gaban uwar miji, kada ki ci abinci a gabanta, kada ki kama sunan yayyensa. Kowa a gidan mijin ya san an faɗa mata haka, domin su ma haka suke faɗa wa 'ya'yansu. Duk da haka bayan wata biyu sai ka ji ƙannen miji suna cewa miskila ce, ba ta son mutane. Idan kuma ta saki jiki da wuri, a ce ba ta da kunya. Abin da aka gani matsayi ne, aka karanta shi a matsayin hali.

Gwajin mai tambaya da mai amsa ma yana nan a madafa. Uwar miji tana cikin gidan da ta yi shekara talatin tana girki, ta san murhunta, ta san yawan daddawar da maigida yake so a miyar kuka. Amarya tana amsa tambayoyin da wata ta tsara daga abin da ita ta sani. Tuwo ya yi ruwa sau biyu, an ce ba ta iya girki ba, alhali a gidansu na mutum shida take tuƙawa a kan gas, nan kuwa na mutum ashirin ne a kan itace.

Ta ɗaya gefen ma haka. Hajiya tana aiko yaro kullum da safe ya ga ko ɗanta ya karya, matar ɗan ta ce sa ido ne da mulki. A yi tambayoyin uku. Tana maimaitawa? Ƙwarai. Tana yi wa sauran 'ya'yanta maza? Idan wannan ɗan kaɗai take yi wa, a nemi abin da ya bambanta shi: wataƙila shi ne mai gyambon ciki tun yana makarantar kwana, ko shi ne auta, ko shi ne ya rage mata a gari bayan rasuwar maigidanta. Sauran iyaye mata a irin wannan hali fa? Da yawansu haka za su yi. Idan kuwa duk matan 'ya'yanta uku suna kuka da abu ɗaya, maƙwabta ma sun san ta da shi, to halinta ne, sai a tsara zama a kan haka ba tare da jiran ta canza ba.

Ga yadda ake samun shaida ba tare da keta kunya ba. Da farko a ga mutum a wani filin da ba naka ba. Uwar miji ta lura da surukarta ranar suna a gidan iyayenta, cikin 'yan'uwanta: idan can tana raha tana kai da kawo, shirun da take yi a gidan miji na wurin ne. Na biyu, a bi ta hannun wanda al'ada ta yarda ya yi magana da kowane ɓangare, kamar gwaggon miji, ko yayarsa mace, ko facalar da ta riga shigowa gidan. Facala ta fi kowa amfani wajen tambaya ta uku, domin ta zauna a kujerar. Tambayar da za a yi mata ita ce: "Yaya, lokacin da kika zo gidan nan, haka Hajiya take aikowa da safe?" Ba "Me ya sa Hajiya ba ta sona?" ba. Ta farko tana neman labari, ta biyu tana neman abokin gaba.

Miji kuma ya kula da yadda yake kai magana. Idan zai yi wa mahaifiyarsa bayani, ya kai yanayi, kada ya kai kariya. "Hajiya, jiya ba ta samu shigowa gaishe ki ba, yaron ne ya kwana yana amai, sai asuba muka runtsa" ya fi "Hajiya, ai ba haka halinta yake ba." Jimla ta biyun gardama ce a kan hali, kuma uwa ba ta son ɗanta ya yi mata gardama a kan matarsa. Ta farkon ta ba ta abin da za ta gyara hukuncinta da kanta.

Haka suruki namiji. Mijin 'yarku bai zo gaisuwar sallah ba sai rana ta uku, an ce ya samu kuɗi ya fara ɗagawa. Kafin a ɗaure wannan maganar, a tambaya ko wajen nasa dangin ya je a kan lokaci, a kuma tuna ko yana cikin masu aikin da ba su da hutun sallah, kamar ma'aikatan asibiti da jami'an tsaro. Masu binciken zaman aure, irin su Thomas Bradbury da Frank Fincham a nazarinsu na 1990, sun nuna cewa ma'auratan da suke cikin damuwa sun fi fassara laifin juna da cewa da gangan ne, hali ne, kuma ya shafi komai, alherin juna kuma su ce dacewa ce. Idan ka ga kanka kana cewa "wata manufa gare ta" ranar da suruka ta yi maka alheri, ka san ma'auninka ya karkace, domin ka kai inda babu abin da za ta yi ya canza hukuncin.

Abin da yakan lalata aikin

Kuskure na farko shi ne wuce gona da iri, a mayar da kowa mara laifi. Kyautata zato ibada ce, amma wannan hanyar ba ita ba ce, aunawa ce, kuma wani lokaci sakamakonta shi ne mutumin ba shi da amana. Wanda ya ci bashinka bai biya ba, ya ci na mutum uku a ofis bai biya ba, alhali albashinku ɗaya, kada ka ƙirƙira masa uzuri na huɗu. Duka, zagi da cin mutunci a gidan aure kuwa ba a jiran tambayoyi uku a kansu, a kai maganar ga waliyyai.

Na biyu shi ne tara shaida daga bakin wanda ya riga ya yanke hukunci. Idan ƙannen miji uku suka ce amarya miskila ce, ba shaidu uku ba ne, hira ɗaya ce aka yi a ɗaki ɗaya. Nemi wanda ya gan ta a wani wuri dabam.

Na uku, kada a ɗauka ƙarfin wannan kuskure ɗaya ne a ko'ina. Joan Miller ta nuna a 1984 cewa manyan mutane a Indiya sun fi Amurkawa ambaton yanayi da matsayi idan suna bayanin abin da wani ya yi. Mu ma muna da "ruwa ba ya tsami banza" da "mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo" a bakinmu. Sai dai namu yakan ɓullo ta wata ƙofar: maimakon a ce halinsa ne, sai a ce halin gidansu ne, ko haka mutanen garinsu suke. Wannan ya fi muni, domin an ɗauki aikin mutum ɗaya na rana ɗaya an shafa wa zuri'a. Gwajinsa ɗaya ne da na baya: mutum nawa ka sani daga gidan, a yanayi nawa ka gan su, kuma 'yar gidanku da aka kai aure Funtuwa ko Malumfashi, me dangin mijinta suka ce a kanta a watanta na farko?